Hadda Ke Cin Jarrabawa: Ina Matsalar Take?

"Malam, ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na sakandare. Manhaja ta ce a koya wa yara tunani da warware matsala, amma waɗanda suka haddace tambayoyin shekarun baya su ne ke fita da sakamako mai kyau a jarrabawar ƙasa. Laifin jarrabawar ne ko na koyarwarmu? In na rage hadda na koma koyar da tunani, ba zan cuci yaran ba?"

Malama, ɗalibanki ba su yi wauta ba. Sun dubi abin da ake ba wa maki, suka bi shi, kuma duk mai hankali haka zai yi. Na daɗe ina koyar da lissafi, na kuma zauna cikin masu duba takardun jarrabawa, kuma abin da na fahimta shi ne rigimar ba tsakanin hadda da tunani take ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko ɗalibi zai iya sanin siffar tambayar tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. In zai iya, to ko da tambayar ta fi kowace zurfi, hadda za ta cinye ta cikin shekara biyu ko uku. In ba zai iya ba, dole ya yi aiki da kansa, ko da tambayar gajera ce ta zaɓi ɗaya cikin huɗu.

Hadda iri biyu ce

Akwai riƙe ilimi a ka, akwai kuma riƙe amsa a ka. Na farkon ba a tunani sai da shi. Yaron da bai san bakwai sau takwas ba sai ya ƙirga da yatsu, ba zai samu sararin lura da abin da tambayar aljabara ke nema ba, domin hankalinsa ya ƙare a wurin ƙirgen. A shekarar 1973 William Chase da Herbert Simon sun gwada 'yan wasan dara irin ta ces. Sukan nuna musu allon wasa na 'yan daƙiƙu, su rufe, su ce a maido da 'ya'yan darar inda suke. In allon daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan maido da yawa fiye da ɗan koyo nesa ba kusa ba. In kuwa an watsa 'ya'yan ne barkatai, fifikon gwanin kusan ɓacewa yake yi. Wato gwanintarsa a kan ɗimbin fasalin wasa da ya riƙe a ka take zaune, fasalin da ke da ma'ana a gare shi. Saboda haka duk wanda ya ce miki a daina sa yara riƙe jadawalin ninki da ƙa'idoji da ma'anonin kalmomi domin a buɗe wa tunani hanya, kada ki bi shi.

Riƙe amsa kuwa wani abu ne daban. Shi ne yaro ya haɗa siffar tambaya da matakan da ake bi, ba tare da ya san dalilin matakan ba. A farkon shekarun 1980 an yi wani gwajin ƙasa a Amurka, aka tambayi yara 'yan shekara 13: motar soja tana ɗaukar mutum 36, za a kwashi sojoji 1,128, mota nawa ake buƙata? Kusan kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai. Amma kashi 23 ne kawai suka ce mota 32. Kashi 29 sun rubuta "31, saura 12", kashi 18 kuma suka ce 31, suka bar soja goma sha biyu a tsaye. Yaran nan sun iya rabawa. Abin da ba su saba ba shi ne su tambayi kansu me amsar ke nufi, domin ba a taɓa ba su maki a kan hakan ba.

Abin da ke tura hukumomi zuwa tambayoyi masu maimaituwa

Mutane kan ɗauka masu tsara jarrabawa ragwaye ne ko ba su san zurfin ilimi ba. Yawancin waɗanda na yi aiki da su sun sani sarai. Abin da ya ɗaure su shi ne adalci wajen ba da maki.

Ki dubi abin da Daniel Starch da Edward Elliott suka yi a Amurka a 1912 da 1913. Sun ɗauki takardar amsa guda ɗaya ta wani ɗalibi, suka kwafe ta, suka aika wa malamai fiye da ɗari, kowa ya ba ta maki. Da aka ga makin takardun Ingilishi ya bambanta ƙwarai, sai aka ce ai harshe ne, kowa da ɗanɗanonsa, a gwada lissafi. Aka gwada da takardar jiyometiri. Makin ya tashi daga 28 har zuwa 92 cikin ɗari, a kan takarda ɗaya. Wani malamin ya ba da maki don hanyar da aka bi, wani ya ce sai amsar ƙarshe, wani ya rage don rashin tsabtar rubutu. Jim kaɗan bayan haka, wajajen 1915, Frederick Kelly ya fito da gwajin karatu mai tambayoyin zaɓi a Kansas, wanda kowa ya duba shi maki ɗaya zai samu. Tambayar canki-canka magani ce da aka ƙirƙira don cutar son rai da bambancin masu dubawa, kuma ta warkar da ita.

Ƙasar Sin ta bi wannan hanya tun da daɗewa. Jarrabawar ɗaukar ma'aikatan daular ta yi kimanin shekara 1,300 kafin a soke ta a 1905. A zamanin daular Song har rufe sunan ɗalibi ake yi, a sa magatakarda ya sake kwafe amsar, don kada mai dubawa ya gane rubutun ɗan abokinsa. A zamanin Ming aka tsayar da fasali ɗaya na rubutu, wanda ake kira maƙala mai ƙafa takwas: ga inda za ka buɗe jigo, ga inda za ka faɗaɗa, ga sassan da za su zo bibbiyu suna amsa juna, kuma fassarar matanin da aka ciro jigon daga ciki dole ta bi sharhin masanin falsafa Zhu Xi. Wannan ya sauƙaƙa kwatanta dubban takardu da ma'auni ɗaya. Ya kuma haifar da kasuwar maƙalolin da suka taɓa cin jarrabawa, ana bugawa ana sayarwa, ɗalibai suna haddacewa. Abin da ɗalibanki ke yi da tambayoyin baya ke nan, sai dai takardar ta canja.

Ki ƙara da wasu abubuwa uku da ke matsa wa kowace hukuma. Takardu dubu ɗaruruwa ne, ko miliyoyi, kuma ana jiran sakamako cikin 'yan makonni. Iyaye suna da damar ƙorafi, don haka dole kowane maki ya zama wanda za a iya karewa a gaban kwamiti. Sannan ana so jarrabawar bana ta yi daidai da ta bara wajen wuya, in ba haka ba a ce an zalunci 'yan bana. Hanya mafi sauƙi ta cika sharuɗɗan nan ita ce a ɗauko tambayar bara a sauya lambobinta. Babu wanda ya zauna ya ce a fifita hadda. Tana fitowa ne daga taruwar waɗannan matsi, kowannensu da hujjarsa mai kyau.

Tambaya ɗaya, shekara uku

Bari mu bi tambaya guda daga darasinki mu ga yadda take rikiɗa.

Shekarar farko aka tambaya: mota ta yi tafiyar kilomita 120 da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da gudun kilomita 40 a awa. Nawa ne matsakaicin gudunta a tafiyar gaba ɗaya? Zaɓi huɗu: 24, 48, 50, 100.

Wannan tambaya ce mai kyau ranar da ta fara fitowa. Mai gaggawa zai haɗa 60 da 40 ya raba biyu ya samu 50. Wanda ya san ma'anar matsakaicin gudu, wato jimlar nisa a raba da jimlar lokaci, zai ce zuwa ya ci awa 2, dawowa awa 3, nisa duka 240, lokaci duka awa 5, amsa 48. Kowane zaɓi na kuskure yana ba da labari. Mai 24 ya gane a nemi lokaci, amma ya manta nisan dawowa, ya raba 120 da 5. Mai 100 ya ga lambobi biyu ya haɗa. Mai 50 shi ne ya fi yawa, kuma shi ne tambayar ta fito nema. Ki lura canki-canka ce, amma a wannan shekarar tunani ta auna.

Shekara ta biyu tambayar ta shiga littafin tambayoyin baya. Masu darasin bayan makaranta, waɗanda aikinsu ke nan kuma sun iya shi, suka ba yara gajeriyar hanya: duk inda ka ga gudu biyu, a da b, ka yi amfani da wannan.

```
2ab / (a + b)
```

Ki sa 60 da 40: 4,800 a raba da 100, ya ba da 48, cikin daƙiƙa goma. Hukuma ta maimaita tambayar da gudun 90 da 60, yara suka sa a ƙa'idar suka samu 72, daidai. Yawan masu ci ya tashi, rahoto ya ce ɗalibai sun inganta a wannan fanni. Alhali tambayar ta daina auna abin da aka ƙirƙire ta domin shi. Yanzu tana auna wa ya ga littafin, wa ya samu mai nuna masa gajeriyar hanyar.

Shekara ta uku, a ce wani mai tsara tambaya ya farga, ya taɓa abu ɗaya tak: mota ta yi kilomita 120 da gudun 60, sannan ta ci gaba ta yi kilomita 80 da gudun 40. Nisa duka 200. Lokaci awa 2 da awa 2, wato 4. Amsa 50. Mai hadda zai ga 60 da 40, ya tuna an ce masa 50 tarko ne, ya rubuta 48 da ƙarfin gwiwa. Ƙa'idar da ya riƙe gaskiya ce, amma tana aiki ne kawai in nisan biyu daidai suke, kuma ba wanda ya gaya masa wannan sharaɗi, domin a tambayoyin baya nisan kullum daidai yake. Wannan ita ce alamar hadda marar tushe a kowane darasi: ɗalibi ya riƙe ƙa'ida, ya jefar da sharaɗinta.

Akwai ɗan abin dariya a nan. Yaron da bai san komai ba, mai haɗawa ya raba biyu, zai ci wannan siffar ta uku bisa dace. Shi ya sa tambaya ɗaya ba ta isa shaida. Sai an haɗa siffa ta farko da ta uku a takarda ɗaya ake rarrabe yara: wanda ya ce 48 da 50 ya fahimta, wanda ya ce 48 da 48 ya haddace, wanda ya ce 50 da 50 bai fara ba tukuna.

To a ce su yi bayani mana

Nan ne masu neman gyara sukan ce a bar zaɓi, a sa yaro ya rubuta dalilinsa. Mu gwada. A koma tafiyar zuwa da dawowa, a ce: ba tare da lissafi ba, faɗi ko matsakaicin gudun zai haura 50, ko ya gaza 50, ko ya zama 50 cif, ka kawo dalili. Maki biyu, ɗaya na hukunci, ɗaya na dalili. Amsar da ake so ita ce zai gaza 50, domin motar ta fi daɗewa tana tafiya da ƙaramin gudun, don haka shi ya fi rinjaye.

Tambayar ta fi duk na baya kyau. Yanzu ki zauna a taron daidaita maki, inda ake raba wa masu dubawa samfurin takardu kafin a sake su. Wani yaro ya rubuta: "Ƙasa da 50, saboda dawowa ta fi daɗewa." Yawancinmu za mu ba shi biyu. Wani ya rubuta: "Ƙasa da 50, saboda 40 ta fi jan amsar." Ya gane ko ya yi dace? Rabin ɗakin za su ce ya gane amma harshe ya gaza masa, rabi su ce bai ambaci lokaci ba. Na uku ya yi lissafin da aka hana, ya samu 48, ya ce ga dalilina. Na huɗu ya zana hoto mai kyau babu kalma ko ɗaya. Na ga irin wannan gardama ta cinye sa'a guda a kan maki ɗaya. Shugaban tebur yana da ɗaruruwan masu dubawa a wurare daban-daban, kuma dole su yi hukunci iri ɗaya. Sai ya yanke: duk amsar da ta ambaci cewa lokacin ƙaramin gudu ya fi tsawo ta ci, wadda ba ta ambata ba ta faɗi.

Hukuncin ya yi daidai da halin da yake ciki. Amma masu dubawan malamai ne, za su koma azuzuwansu, kuma kafin shekara ta zagayo jimlar ta zama abin rerawa: "domin ta fi ɗaukar lokaci a ƙaramin gudu." Tambayar bayani ta koma hadda, ta ma fi ta zaɓi muni, domin yanzu muna da takarda mai kama da shaidar fahimta.

Ko dogon rubutu bai tsira ba. A Faransa ɗaliban ƙarshen sakandare suna zama sa'a huɗu suna rubuta jarrabawar falsafa, a kan tambaya buɗaɗɗiya wadda ba ta da amsa ɗaya. Ina ganin girman wannan al'ada, kuma ta fi ƙarfin a haddace ta dungurungum. Duk da haka akwai sanannen fasalin da ake horar da yara a kai, a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a sulhunta, tare da tarin maganganun masana da ake tanada don a cusa a inda ya dace. Ɗalibi mai wayo yakan je da gininsa a shirye, ya nemi inda zai rataya tambayar.

Yadda ake gane sakamako ya kumbura

In sakamakon ƙasa yana hawa kowace shekara, hanyar sanin ko ilimi ne ya ƙaru ita ce a gwada yaran da wata jarrabawar da ba a shirya musu ita ba, a kan darasi ɗaya. Daniel Koretz da abokan aikinsa sun yi haka a wata gundumar makarantu a Amurka. Gundumar ta sauya jarrabawar da take amfani da ita, sakamakon lissafi ya faɗi nan take, sannan ya riƙa hawa har ya koma inda yake cikin 'yan shekaru. A 1990 masu binciken suka dawo da tsohuwar jarrabawar, wadda a da yaran gundumar ke ci sosai, suka ba ɗalibai. Sakamakon ya faɗi da kimanin rabin shekarar karatu. Yaran ba su fi na da ba, ba su kuma gaza su ba. Horon ne ya ƙaura daga wannan takarda zuwa waccan. Donald Campbell ya riga ya faɗi ƙa'idar a shekarun 1970: gwargwadon yadda ake rataya manyan hukunce-hukunce a kan wani ma'auni, gwargwadon yadda ma'aunin ke lalacewa, ya kuma lalata abin da aka sa shi ya auna.

Wannan ya nuna rabon laifi a tambayarki. Jarrabawa ce ke kafa farashi, malami yana saye da sayarwa a kansa. In shiga jami'a, da sunan makaranta, da ƙarin girman malami duk sun rataya a kan takarda mai maimaita kanta, rubuta "tunani" a shafin farko na manhaja ba zai motsa komai ba. Laifin koyarwa yana shigowa ne a wuri ɗaya: inda muka ba yaro gajeriyar hanya ba mu nuna masa inda ta fito da inda ta tsaya ba, alhali hakan minti goma yake ci.

Wanda gyara ke cutarwa

Akwai abin da masu sukar hadda ba sa son ji. Jarrabawa mai maimaituwa, duk da aibinta, tana ba ɗan talaka tsani. Yaron da makarantarsa ba ta da malamin kirki zai iya samun littafin tambayoyin baya, ya duƙufa, ya ci. Ranar da aka mayar da tambayoyin sababbi, masu dogon labari da yanayin da ba a saba gani ba, wanda ya fara cin riba shi ne mai malami ƙwararre da gidan da ake karatu. Kuma tambayar "tunani" yawanci ta fi yawan kalmomi. Inda yara ke rubuta jarrabawa da harshen da ba shi suke yi a gida ba, sai ki ga tambayar lissafi ta koma gwajin karatu a ɓoye. Yaro ya san nisa a raba da lokaci, amma ya maƙale a sakin layi mai jimla biyar. A kan takarda za a rubuta bai iya tunani ba.

Don haka ba na goyon bayan a juya jarrabawar ƙasa dare ɗaya. Abin da nake ganin zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta. A bar yawancin takardar tana auna ilimin da ya kamata a riƙe, a fili, ba kunya. A ware wani kaso, ko da ɗaya cikin biyar ne da farko, na tambayoyin da abin da suke aunawa sananne ne amma siffarsu ba ta maimaituwa, a kuma rubuta su da gajeren harshe kamar siffa ta uku da muka gani, wadda ba ta fi ta farko tsawo ba. A sanar da makarantu shekara biyu kafin a fara. A gwada tambayoyin a kan wasu ɗalibai tukuna, a duba wane zaɓi na kuskure ya fi jan mutane, kuma su wa yake ja. In tambaya tana kayar da ɗaliban da suka fi ƙoƙari a sauran takardar fiye da raunana, to akwai aibi a rubutunta, a cire ta. Wannan aiki yana cin kuɗi da ƙwararru kowace shekara, domin sabuwar tambaya sau ɗaya take zama sabuwa. Ƙasashe da yawa sun sauya manhaja suka bar wannan ɓangaren, saboda manhaja sau ɗaya ake rubuta ta, rumbun tambayoyi kuwa kullum sai an ciyar da shi.

Abin da na faɗa ya fi ƙarfi a lissafi da kimiyya, inda za a iya taɓa sharaɗi ɗaya amsa ta juya, kuma a duba ta ba gardama. A tarihi ko adabi sauya siffa yana nufin a ba yaro matanin da bai taɓa gani ba ya yi hukunci a kansa, kuma can matsalar bambancin masu dubawa tana dawowa da ƙarfinta. Akwai kuma nau'in tunanin da takardar sa'a biyu ba za ta taɓa kamawa ba, kamar yaro ya ƙirƙiro tambayar da kansa, ko ya yi mako yana bin matsala ɗaya. Aikin aji da malami ke ba wa maki zai iya kama wannan, amma da zarar an sa makinsa cikin sakamakon ƙasa, sai kumbura maki da taimakon iyaye su shigo.

A ajinki

Kada ki ajiye tambayoyin baya. Yaranki za su zauna jarrabawar da take akwai, kuma hana su sanin siffarta zalunci ne. Abin da za ki sauya shi ne abin da ke biyo bayan an warware tambayar. Ki ɗauki wadda suka gama, ki taɓa sharaɗi ɗaya, ki sake ba su nan take, kafin su rufe littafi. Bayan 48 ki ba su mai kilomita 80. Ki bar su su faɗa ramin, sannan ki tambaye su me ya bambanta. Yaron da ya rubuta 48 da hannunsa, ya ga 50 ce, ba zai sake mantawa da sharaɗin ba, kuma wannan ya fi ki faɗa masa sau goma.

Gajeriyar hanyar ma ki koyar da ita, domin tana ceton lokaci a ɗakin jarrabawa, amma su fitar da ita da kansu sau ɗaya. Nisa d zuwa, d dawowa, lokacin zuwa d/a, na dawowa d/b, a raba 2d da jimlarsu, d ta fice, ƙa'idar ta fito. Wanda ya ga d ta fice ya san dalilin da ya sa dole nisan ya zama ɗaya. Daga nan ya haddace ta yadda yake so.

In kina son sanin inda ajin yake kafin jarrabawa, ki shirya gwaji na tambaya goma: biyar daga tambayoyin baya yadda suke, biyar kuma tagwayensu da aka sauya wa sharaɗi, a gauraye. Kada ki tsaya a jimlar maki, ki dubi tazarar da ke tsakanin rukunin biyu ga kowane yaro. Mai biyar da huɗu yana lafiya. Mai biyar da ɗaya shi ne wanda zai iya cin jarrabawar bana ya rushe a shekarar farko ta jami'a, ko ya rushe a jarrabawar kanta in aka yi rashin sa'a hukuma ta sauya salo. Mai biyu da biyu matsalarsa ba hadda ba ce, tushe ne babu, kuma shi ƙarin atisaye da riƙe ƙa'idoji yake buƙata kafin komai.

Lokaci zai matse ki, na sani. Ba kowace tambaya za ki yi wa haka ba, ki zaɓi wuraren da gajerun hanyoyi suka fi yawa: gudu, kaso cikin ɗari, riba mai ninkuwa, yiwuwar aukuwa. Ga masu saurin ganewa kuma ki ajiye wannan a aljihu: motar ta yi kilomita 120 na zuwa da gudun 60, da wane gudu za ta dawo don matsakaicin tafiyar duka ya zama 120? Masu haɗawa su raba biyu za su ce 180. Masu ƙa'ida za su sa lambobi, su ga harafin da suke nema ya ɓace daga ɓangarorin biyu, su ɗauka sun yi kuskure. Wanda ya koma ma'ana zai ce kilomita 240 da matsakaicin 120 awa 2 ke nan, kuma zuwa kaɗai ya riga ya cinye awa biyun, saboda haka babu gudun da zai isa.